Ɗigo da sifiri a takardar magani: yadda ake ninka wa yaro magani sau goma, da yadda ake gano kuskuren kafin a ba shi

Kuskuren ninki goma shi ne a ba majiyyaci magani ninki goma na abin da ya dace, ko kuma kashi ɗaya cikin goma nasa, saboda ɗigon da ke tsakanin lambobi ya ɓace, ko ya gusa daga wurinsa, ko an ƙara sifiri inda bai kamata ba. Likita zai rubuta 0.4, mai karantawa ya ga 4. Ko a rubuta 5.0, a karanta 50. Maganin daidai ne, majiyyacin ma shi ne wanda aka nufa, yawan ne kawai ya canza. Irin wannan kuskure ya fi faɗa wa ƙananan yara, kuma a kansu ya fi yin ɓarna.

Abin da ya sa yara suka fi shiga haɗari

Magungunan manya galibi suna zuwa ne a shirye. Ƙwaya ɗaya ko biyu ake sha, kwalbar allura ɗaya ake zuƙa. Da za a ce wa babban mutum ya haɗiye ƙwayar farasitamol ashirin a lokaci guda, shi da kansa zai tsaya ya yi tambaya, domin idonsa ya san ƙwaya biyu aka saba sha.

Maganin yaro kuwa sai an yi masa lissafi. Ana auna nauyinsa da kilo, a ninka da adadin miligiram ɗin da aka tsara wa kowane kilo, sannan a mayar da sakamakon zuwa mililita gwargwadon ƙarfin maganin da ke cikin kwalba. Matakai uku ke nan, kuma a kowane ɗaya akwai ɗigo. Nauyin jariri kan zo da ɗigo, kamar 3.2, abin da za a zuƙa a sirinji ma yakan zo da ɗigo, kamar 0.4.

Matsala ta biyu ita ce yawancin magungunan allura an ƙera kwalabensu ne don manya. Abin da jariri yake buƙata ɗan kaɗan ne daga cikin kwalbar, don haka ko an ninka shi sau goma, sau da yawa zai shiga sirinji guda ba tare da ya ba kowa mamaki ba. Ta uku kuma, hantar jariri da ƙodarsa ba su gama ƙwari ba, ba sa fitar da magani daga jiki da sauri kamar na babba, kuma jaririn ba shi da bakin da zai ce yana jin jiri ko kunnensa na ƙara.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2012 mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta wallafa wani nazari da aka yi a babban asibitin yara na birnin Toronto da ke Kanada. Masu nazarin sun bi rahotanni 6,643 na matsalolin magani da aka shigar cikin shekara biyar, suka samu 252 daga cikinsu kuskuren ninki goma ne, kuma a 22 an cutar da yaran. Maganin kashe zafin ciwo na mofin shi ne ya fi yawan fitowa a rahotannin. Daga cikin dalilan da suka fi maimaituwa akwai kuskuren lissafi, da rubuta ɗigo ba daidai ba, da ruɗewa a kan sifiri.

Wannan asibiti ne mai ƙwararru da kayan aiki na zamani. Darasin da ke ciki shi ne ilimi da gogewa ba sa hana ido tsallake ɗigo. Ganin yawan cutarwar da kurakuran magani ke jawowa ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri a watan Maris na 2017, da burin rage munanan illolin da za a iya kauce musu da rabi cikin shekara biyar.

Wuraren da ɗigon ke ɓacewa

Yaron da zazzaɓi ya tsananta masa a wani ƙauye na Kiyawa ko Jahun yakan fara ne daga ƙaramin asibitin mazaɓa. Idan abin ya fi ƙarfinsu, sai a ba iyaye takarda zuwa Babban Asibitin Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. A wannan tafiya, kamar yadda yake a ko'ina cikin duniya, lamba ɗaya tana wucewa ta hannaye da yawa: wanda ya auna nauyi, wanda ya rubuta magani, wanda ya kwafa zuwa katin jinya, mai bayar da magani a kanti ko a kemis, da wanda zai zuƙa ya bayar. Kowane kwafi dama ce ta ɓacewar ɗigo. Takarda kan lanƙwashe a aljihu, gumi ya jiƙa ta, ɗigon ya faɗa kan layin takarda ya saje da shi, ko biro ya ƙi kamawa daidai wurin.

Siffofin rubutu uku ne suka fi jawo wannan. Ta farko ita ce ɗigo tsirara, wato a rubuta .5 babu sifiri a gabansa. Idan ido bai kama ɗigon ba, abin da ya rage shi ne 5. Ta biyu ita ce sifirin da ake ƙarawa a baya ba tare da buƙata ba, kamar 5.0, wanda ke komawa 50 da zarar ɗigon ya dushe. Ta uku ita ce harafin U da wasu ke rubutawa a gaban adadin insulin, domin a rubutun gaggawa 4U yana kama da 40. Hukumar Joint Commission, mai tantance asibitoci a Amurka, ta sanya duka ukun a jerin rubuce-rubucen da ta hana amfani da su tun 2004. Ƙa'idar gajera ce: a rubuta 0.5, a rubuta 5, kuma a rubuta sunan ma'aunin insulin cikakke.

Lissafin farasitamol, mataki-mataki

A ɗauki yaro ɗan wata tara mai nauyin kilo 8 da ke fama da zazzaɓi. Ana ba yara farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, kuma ba ya wuce sau huɗu a cikin awa ashirin da huɗu. Idan aka ɗauki 15 aka ninka sau 8, an samu miligiram 120. Wannan shi ne rabon yaron a kowane sha.

Saura a mayar da shi zuwa abin da za a auna. Ruwan farasitamol na yara da aka fi sani yana ɗauke da miligiram 120 ko 125 a cikin kowace mililita 5, don haka rabon yaron mililita 5 ne. Amma akwai wani nau'in na jarirai da ake ɗiga musu a baki, wanda ke da miligiram 100 a cikin mililita ɗaya tak. Ya fi na farko ƙarfi wajen ninki huɗu. Da wannan nau'in, rabon yaron mililita 1.2 ne kawai.

To idan aka rubuta 1.2 ml a jikin kwali, ɗigon ya goge, uwa ta karanta 12 ml, yaron zai sha miligiram 1,200 a lokaci guda. Wato miligiram 150 ga kowane kilo, kuma daga kusan wannan adadi ne likitoci ke fara fargabar lalacewar hanta.

Akwai alamu biyu da za su iya tsayar da wannan tun kafin a buɗe bakin yaron. Babban mutum ƙwaya biyu yake sha, miligiram 1,000 ke nan. Rabon da ya wuce na mahaifin yaron ba zai taɓa zama na ɗan wata tara ba. Sannan kwalbar wannan nau'in 'yar ƙarama ce, kuma abin ɗigawar da ke zuwa da ita ɗan kaɗan yake ɗauka. Maganin da sai an cika abin ɗigawa sau goma ko fiye, har kwalbar ta kusa ƙarewa a sha ɗaya, ya isa ya sa a dakata a koma wurin wanda ya rubuta.

Lissafin allurar jariri

Misali na biyu daga ɗakin jarirai yake. Jentamaisin allura ce da ake yi wa jariran da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsu. Littafin jagoran kula da yara a asibiti na Hukumar Lafiya ta Duniya ya tsara wa jariri mai cikakken nauyi, a makonsa na farko, miligiram 5 ga kowane kilo sau ɗaya a rana. Jariri mai kilo 3.2 zai samu miligiram 16. Kwalbar da aka fi samu tana da miligiram 80 a cikin mililita 2, wato 40 a kowace mililita. Idan aka raba 16 da 40, abin da za a zuƙa shi ne mililita 0.4.

Kuskuren na iya shigowa ta ƙofa biyu. Ko a rubuta .4 a karanta 4, ko kuma tun farko a kwafi nauyin jaririn a matsayin 32 maimakon 3.2, lissafin ya tafi daidai a kan lambar da ba daidai ba. Ta kowace ƙofa sakamakon ɗaya ne: miligiram 160, wato kwalba biyu cur. Yawan jentamaisin yana cutar da ƙoda, yana kuma iya taɓa ji, wani lokaci har abada.

A nan ma hannu yana iya gano abin da ido ya tsallake. Ma'aikaciyar jinya da ta sami kanta tana fasa kwalba ta biyu ta manya domin jariri ɗan kwana uku, ta ga alamar haɗari ke nan. Haka kuma idan allurar jariri ta ƙi shiga ƙaramin sirinji mai mililita ɗaya, sai an nemo mai mililita biyar. A birnin Denver na Amurka, a 1996, an haɗa wa wani jariri allurar fenisilin mai awo 1,500,000 maimakon 150,000. Yawanta ya kai sai an soke shi sau biyar. Masu jinyar sun lura da hakan, amma sai suka ɗauka matsalar ita ce zafin allurar, suka nemi sauƙaƙa masa ta hanyar ba shi ta jijiya, alhali irin wannan fenisilin a tsoka kaɗai ake yin ta. Jaririn ya rasu. Yawan allurar shi ne gargaɗin, sai dai ba a tambayi dalilin yawan ba.

Kuskuren yana tafiya ta ɗaya ɓangaren ma. Yaro mai kilo 10 da zazzaɓin cizon sauro ya yi masa tsanani yana buƙatar atesunet miligiram 30, domin ana ba yaran da ba su kai kilo 20 ba miligiram 3 ga kowane kilo. Idan aka ba shi miligiram 3 kacal, babu wata alamar guba da za ta bayyana. Cutar ce za ta ci gaba da cin jikinsa, kowa na zaton an yi masa magani. A watannin damina da kaka, lokacin da gadajen yara ke cika a asibitocin Jigawa, ma'aikata kuma suna aiki cikin gajiya, irin wannan ya fi wuyar ganewa.

Me ya sa dubawar mutum na biyu ke gazawa

Yawancin asibitoci suna da dokar cewa mutum biyu su duba maganin yaro mai haɗari. Amfanin dokar ya dogara ne da yadda ake dubawar. Abin da ya faru a Asibitin Hermann da ke Houston a 1996 ya zama darasi a makarantun likitanci. An kwantar da wani jariri ɗan wata biyu mai ciwon zuciya, likitoci suka lissafa masa maganin dijoksin miligiram 0.09, amma a takarda aka rubuta 0.9. Babban likita ya duba bai lura ba. A sashen harhaɗa magunguna an yi shakkar adadin, aka ajiye takardar gefe ana neman likita, sai wani ma'aikaci ya ɗauke ta a zaton an gama tantancewa. A ɗakin jinya ma an sake yin shakka, aka tambayi wani likita. Ya sake lissafi ya samu amsar da ta dace, ya dubi takardar, idonsa bai ga bambancin ba. Aka ba jaririn maganin, ya rasu.

Mutane da dama sun duba, biyu ma sun ji a ransu cewa akwai matsala. Abin da ya faru shi ne, wanda aka nuna wa lamba aka ce ya tabbatar, yakan ga abin da yake tsammanin gani. Shi ya sa masana suka bambanta dubawa iri biyu. A ta farko, ma'aikaciya za ta miƙa wa abokiyar aikinta sirinji ta ce, “Sista, mililita huɗu ne, haka ne ko?” Ta riga ta sa mata amsa a baki. A ta biyu, za ta ba ta nauyin yaron da sunan maganin da kwalbar kawai, ita kuma ta yi lissafinta daga farko a takardarta ba tare da ta ga na farkon ba, sannan su haɗa amsoshin, kowace ta karanta tata da babbar murya, lamba bayan lamba. Ta biyun ce ke kama kuskure.

Halayen da ke kama kuskuren

Ɗan kasuwar Shuwarin da ya san farashin buhun gero ba ya biyan kuɗi don kawai takarda ta nuna wani adadi. Idan sifiri ya ƙaru a rasit, yana ganewa nan take, domin tun kafin ya duba takardar yana da ƙiyasi a ransa. Wannan shi ne hali na farko da ake koya wa masu ba yara magani: a ƙiyasta amsar da ka kafin a taɓa kalkuleta. Jariri mai kusan kilo 3, sau 5, ya kamata ya faɗa kusa da 15. Amsar da ta fito 160 ta saɓa wa ƙiyasin.

Na biyu shi ne a gwada nauyi da shekaru. Lafiyayyen jariri yakan zo duniya da kusan kilo 3, ya ninka hakan wajen wata biyar zuwa shida, ya kai kilo 9 zuwa 10 idan ya cika shekara. Kilo 32 nauyin yaron da ya kusa gama firamare ne. Sai dai wannan ma'auni na gano kuskure ne kawai, ba ya maye gurbin sikeli. Yaro mai tamowa zai iya cika shekara biyu yana ƙasa da nauyin ɗan shekara ɗaya, kuma idan aka ƙiyasta masa magani da shekarunsa za a wuce da shi. Dole a ɗora shi a sikeli a ranar.

Na uku ya shafi mai rubutu. Takardar maganin yaro da ta cika tana ɗauke da nauyinsa, da adadin miligiram ga kowane kilo, da jimillar miligiram, da ƙarfin maganin da ke kwalba, da mililitar da za a auna. Idan dukansu suna rubuce, duk wanda takardar ta shiga hannunsa zai iya sake lissafin, kuma lambar da ta kauce za ta saɓa wa sauran. Idan 0.4 ml kaɗai aka rubuta, babu abin da za a gwada shi da shi. Ga magunguna masu haɗari, rubuta adadin da kalmomi kusa da lambar, yadda ake yi a cakin banki, yana rufe wata ƙofar.

Na huɗu ya shafi umarnin baki ko na waya. Wanda aka gaya wa ya rubuta, sannan ya maimaita wa mai ba da umarnin a rarrabe: sifiri, ɗigo, huɗu. Na biyar kuwa, wanda labarin Houston ya fi nunawa, shi ne duk wanda ya ji shakka kada ya bar maganin ya wuce sai an warware shakkar da wanda ya rubuta. Ƙaramin ma'aikaci kan ji nauyin tambayar babban likita, amma likitan da ya san aikinsa ya fi son a tashe shi da tsakar dare a kan a ba yaro abin da bai nufa ba.

Rawar iyaye

Uwa ko uba su ne na ƙarshe da magani ke bi ta hannunsu a gida, kuma ba sa buƙatar ilimin likita kafin su kama kuskure. Su san nauyin ɗansu na ranar, su tabbatar shi ne a takarda. Wajen karɓar magani, su roƙi mai bayarwa ya nuna musu a jikin sirinjin baki ko kofin awo daidai inda ruwan zai tsaya, ya ja layi da biro a wurin. Layin da ido ya gani ba ya ruɗarwa yadda ɗigo ke yi, kuma yana amfanar kaka ko 'yar aiki da ba ta karatun boko. Cokalin gida bai dace da awo ba, domin girman cokula ya bambanta.

Idan aka sake sayen magani a wani kemis, a karanta ƙarfinsa a jikin kwalba a gwada da na baya, domin suna ɗaya na iya zuwa da ƙarfi daban. A asibiti ma, mai jinya da ya ga allurar yau ta fi ta jiya yawa nesa ba kusa ba yana da haƙƙin ya tambaya cikin ladabi kafin a yi ta: “Malama, na ga ta yau ta fi ta jiya yawa, ko likita ya canza ne?”

Idan an riga an ba da maganin

A dakatar da sha na gaba, a kai yaron asibiti nan take tare da kwalbar da takardar, a faɗi lokacin da ya sha da yawan abin da ya sha. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Kada kuma a jira alamu. Yaron da farasitamol ya yi masa yawa kan kasance kamar lafiyarsa ƙalau a ranar farko, ko ya yi ɗan amai kawai, sai bayan kwana biyu zuwa uku lalacewar hanta ta bayyana. Akwai makarinsa, kuma ya fi aiki idan an fara bayar da shi cikin awa takwas na farko.

Ma'aikacin da ya gano kuskure, ko da an kama shi kafin ya kai ga yaro, ya kamata ya shigar da rahotonsa ga shugabannin sashensa, illar da magani ya haifar kuma a sanar da hukumar NAFDAC, wadda ke tattara irin waɗannan rahotanni a Najeriya. Nazarin Toronto ya yiwu ne saboda ma'aikatan asibitin sun riƙa rubuta kurakuransu shekara biyar, har aka gane waɗanne magunguna da waɗanne matakai ne suka fi buƙatar tsaro.